Gas ya ƙare, ba komai: yadda ake tsame habaici daga saƙon aikin gida

“Sannu da ƙoƙari, ranka ya daɗe. Gas dai ya ƙare tun shekaranjiya, amma ba komai, ai na saba. Allah ya saka wa maƙwabta da alheri da suka ara mana murhun gawayi. Wasu matan dai sun huta.”

A ce wata malamar firamare ce a Kano ta rubuta wa mijinta wannan saƙo a WhatsApp ranar Laraba da hantsi, yana wurin aiki. Gas ya ƙare ranar Litinin, ya ce zai cika ranar Talata, bai cika ba. Abin da take so a fili yake: a cika tukunyar gas yau. Amma a sake karanta saƙon daga farko har ƙarshe, ba za a ga inda ta nemi hakan ba. Akwai gaisuwa, akwai addu’a, akwai “ba komai”, babu zagi ko ɗaya. Duk da haka, duk Bahaushen da ya karanta ya san an soki mutum a wuri huɗu.

Amsar da za ta biyo baya ma sananniya ce. Ko dai ya ce “Me kike nufi da wasu matan?”, ko ya ce “To ki koma gidan maƙwabtan mana”, ko ya karanta ya yi shiru, ta ga alamar shuɗi guda biyu ta ƙara hawa. Ko wacce ya zaɓa, maganar ta tashi daga gas ta koma kan wane ne ya raina wani. Tukunya kuma tana nan a kicin babu komai a cikinta.

Me ya sa muke bi ta bayan gida

Mai habaici ba mahaukaci ba ne, yana da dalilinsa. A tarbiyyarmu, faɗa wa miji kai tsaye cewa ya gaza abu ne mai nauyi, kuma mace da yawa ko sunansa ba ta kira. Shi ma namiji yakan ji cewa roƙon matarsa ta yi masa wani aiki tamkar saukar da girma ne. Sai kowa ya nemi hanyar da zai huce haushinsa ba tare da an kama shi da laifi ba. In an tanka masa ya ce, “Ni me na ce? Gaisuwa fa na yi.”

Wannan mafaka ita ce amfanin habaici, kuma ita ce illarsa. Saƙon da aka gina shi don a iya musanta shi, ba a iya amsa shi. In miji ya amsa abin da aka rubuta, wato “ba komai”, ya zama marar kula. In ya amsa abin da ake nufi, sai a ce ya cika fassara. Ba shi da ƙofar da zai fita da mutuncinsa, don haka sai ya rama ko ya ƙulle bakinsa.

Masu nazarin zaman aure sun daɗe da lura da wannan. John Gottman, masanin halayyar ɗan Adam da ya yi shekaru a Jami’ar Washington da ke Seattle a Amurka yana ɗaukar ma’aurata a bidiyo suna tattauna saɓaninsu, ya ware halaye huɗu masu cin aure: suka, raini, kare kai, da toshe kunne. A cikinsu ya ce raini ne ya fi nuna auren da ke hanyar mutuwa, kuma ya lissafa gatse da ba’a a cikin raini. A wani bincike da shi da Sybil Carrère suka fitar a 1999, sun bi sababbin ma’aurata 124 har shekara shida, suka ga cewa yadda aka buɗe magana a minti uku na farko na gardama yana nuna waɗanda za su rabu daga baya. Amurkawa aka bincika, ba Hausawa ba, amma darasin bai yi mana nisa ba: yadda aka fara magana, haka takan ƙare. Saƙon waya kuwa sau da yawa shi ne farkon maganar da za a ƙarasa da daddare.

Rubutu kuma yana da tasa matsalar. A 2005 Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu sun sa mutane su aika jimloli ta imel, wasu na gaske wasu na gatse. Masu aikawa sun zaci za a gane nufinsu kusan kashi 80 cikin 100, amma masu karantawa kashi 56 kawai suka gane, wato kaɗan ya ɗara canki-canka. Dalili shi ne mai rubutu yana jin muryarsa a cikin kansa yayin da yake rubutawa, mai karatu kuwa ba ya jin ta. Sai ya ɗora wa kalmomin muryar da ransa ya ba shi a lokacin. Abin da ke nan yana ci ta fuska biyu: zolayar da aka yi da wasa tana iya zama cin fuska, kuma gidan da aka saba da gatse, ko “sannu da aiki” ta gaskiya sai an yi mata kallon tuhuma.

A fara da tono buƙatar

Kuskuren da aka fi yi wajen gyara irin wannan saƙo shi ne a fara da sauya kalmomi, a cire mai zafi a sa mai sanyi. Ba daga nan ake farawa ba. Kafin a taɓa ko kalma ɗaya, mai saƙon ya amsa wa kansa tambaya guda: me nake so a yi, wa zai yi, kuma yaushe? In amsar ba ta shiga jimla ɗaya ba, saƙon bai nuna ba tukuna.

Malamar nan amsarta ita ce: ina so ya cika gas yau kafin magariba. Da zarar an rubuta wannan jimla a gefe, sai a ɗauki tsohon saƙon a auna kowane layi da ita. Layin da ya taimaka a cika gas ya zauna. Layin da aikinsa kawai ya sa miji ya ji ciwo ya fita.

“Sannu da ƙoƙari, ranka ya daɗe.” Wannan yabo ne da aka juya bayansa. Hanyar gane shi mai sauƙi ce: shin da ya cika gas ɗin, haka za ta faɗa? In kalmar girmamawa ba ta fitowa sai ran da aka yi fushi, ta daina zama girmamawa. A cire ta, a sa kiran da aka saba yi masa ran da ake zaman lafiya, ko “Abban Hanifa” ne ko “Maigida”.

“Gas dai ya ƙare tun shekaranjiya.” Nan ne kaɗai gaskiyar magana take, don haka a riƙe ta. Amma a lura da ’yar ƙaramar kalmar nan “dai”. Hausa tana da irin waɗannan ƙananan kalmomi masu ɗauke da harara: dai, ai, ma, fa, wai, ko. Ba laifi ba ne a kansu, da su muke magana kullum. Sai dai a saƙon fushi su ne maɓoyar dafi. “Ka cika gas?” tambaya ce. “Wai ka cika gas ɗin ma kuwa?” tuhuma ce. Gwaji shi ne a cire kalmar a sake karantawa. In labarin bai ragu ba amma zafin ya ragu, to ba labari take ɗauke da shi ba.

“Amma ba komai, ai na saba.” Wannan ƙarya ce, domin akwai komai. Kuma “na saba” ta ɗauko laifin kwana biyu ta shimfiɗa shi a kan shekarun auren gaba ɗaya. Ita da “kullum”, da “ko sau ɗaya ba ka taɓa ba”, da “halinka ne” duk ’yan gida ɗaya ne. Suna ba wanda ake zargi makamin da zai kare kansa cikin sauƙi: ya tuno rana ɗaya da ya cika gas a kan lokaci, ya ce “Watan jiya fa?”, shi ke nan an koma lissafin tarihi.

“Allah ya saka wa maƙwabta da alheri.” Addu’a ce a baki, amma saƙon da ke cikinta shi ne: asirinka ya tonu a unguwa. Ga magidanci, wannan ya fi zagi ciwo. In da gaske an aro murhu kuma ana so a mayar, a faɗi haka a matsayin labari. In ba haka ba, maƙwabta ba su da gurbi a saƙon.

“Wasu matan dai sun huta.” Gwada miji da wasu mazan, ko mata da wasu matan, shi ne layin da ba ya gogewa daga zuciya. Za a cika gas, za a manta da gawayi, amma wannan jimla za ta dawo bayan wata shida a tsakiyar wata rigimar da ba ta shafe ta ba.

Kada a zubar da fushin, a kira sunansa

Bayan wannan tankaɗe, abin da ya saura ɗan kaɗan ne: gas ya ƙare. A nan ne wasu ke faɗawa rami na biyu. Sai su aika “Gas ya ƙare” kawai, ko su lulluɓe saƙon da ban haƙuri: “Don Allah ka yi haƙuri da damunka, in ba takura, ko za ka ɗan duba maganar gas in ka samu sarari.” Wannan ba gyara ba ne. Ran malama a ɓace yake, kuma tana da hujja. Fushin da aka hana shi fita ta baki zai fita ta wata hanya: ta ƙarar kwanuka, ta abincin da aka ajiye ba magana, ta “To.” guda ɗaya mai ɗigo a ƙarshe.

Maganin habaici ba sanyin murya ba ne, faɗar gaskiya ne a fili. “Raina ya ɓaci” ta fi “ba komai, na saba” nauyin faɗa, amma ta fi ta sauƙin ji, domin ana iya amsa ta da “Yi haƙuri”. Marshall Rosenberg, wani masanin Amurka da ya yi suna wajen koyar da sasanta mutane, ya tsara irin wannan magana a mataki huɗu: abin da ya faru ba tare da hukunci ba, yadda ka ji, abin da kake buƙata, sannan roƙo takamaimai wanda ake iya yi. Ba dole ba ne a bi shi kamar karatun allo, amma ya isa ma’auni. Ga saƙon malama bayan gyara:

“Abban Hanifa, barka da aiki. Gas ya ƙare ranar Litinin, ka ce za ka cika Talata. Kwana biyu ke nan ina hura gawayi da asuba, yau har na makara a makaranta, kuma gaskiya raina ya ɓaci. Don Allah ka cika yau kafin magariba. In ba za ka samu dama ba, ka turo kuɗin kafin la’asar in sa a kai tukunyar a adaidaita.”

Wannan saƙo ya fi na farko tsauri. Ya tuna masa alkawarinsa da ranarsa, ya faɗi abin da saɓawar ta jawo, ya sa wa’adi. Amma babu inda ya taɓa ko shi wane irin miji ne. Kuma ya bar masa ƙofa biyu, duk wadda ya bi gas zai shigo gida. Ga gwajin ƙarshe da ya kamata kowane saƙo ya ci kafin a tura shi: shin ana iya amsa shi da “To, zan yi” ko “Ba zan iya yau ba, ga abin da za a yi”? Na farko ba a iya amsa shi da ko ɗaya. Na biyu ana iyawa.

Jimlar ƙarshen nan tana buƙatar kula. “In ba za ka samu dama ba, ka turo kuɗin” zaɓi ne na gaskiya, kuma in ya zaɓe shi bai kamata a yi fushi ba. Amma “In ba za ka iya ba, bar shi, ni zan yi kamar yadda na saba” tarko ne. Kada a miƙa wa mutum zaɓin da za a hukunta shi in ya ɗauka.

Shi ma maigida yana da nasa

Akan jingina habaici ga mata, amma wayoyin maza ma cike suke da shi, sai dai nasu yakan zo da rigar raha. Ga misali, ranar Alhamis da yamma: “Uwargida sarautar mata, na ga aiki ya yi miki yawa, tunda har yanzu kayan Juma’ata ba su ga dutsen guga ba. Kada ki damu, zan kai gidan Hajiya. Da alama dai gidan nan yana neman mataimakiya.” Sai ya liƙa hoton fuska mai dariya a ƙarshe.

Fuskar dariyar nan ita ce “ni me na ce?” ta zamani. Ba ta rage komai ba, sai dai ta hana matar ikon nuna ta ji zafi, domin za a ce ba ta san wasa ba. A cikin layi uku ya gwada ta da mahaifiyarsa, ya kuma ɗaga mata sandar kishiya, duk a kan riga da wando. Barazana irin wannan tana iya sa a yi gugar a daren, amma da wace zuciya? Saƙon da aka tsame shi ne: “Maman Hanifa, farar shaddata ba a goge ba, kuma ita nake so in sa gobe. Za ki samu yi yau da daddare in an kawo wuta, ko in miƙa wa mai guga a hanyata?” Tambayar nan ta gaskiya tana iya fito da abin da bai sani ba, misali cewa kwana biyu ke nan ba a kawo wuta da rana ba. Gatse yana yanke hukunci kafin a ji dalili. Tambaya tana barin dalilin ya iso.

Inda gyaran ke lalacewa

Akwai saƙon da kalmominsa suka tsarkaka amma har yanzu yana cizo. Alamarsa ta farko ladabin da ya wuce na kullum: matar da ke kiran mijinta “Abban Hanifa” ta koma “Alhaji, barka da war haka, ina neman alfarma”. Nisantar da ke cikin wannan ladabi ana jin ta kamar an rufe ƙofa. Ta biyu ita ce tambayar da ba amsa ake nema da ita ba, irin “Shara za ta kwashe kanta ne?” Ta uku hoto ba magana: a ɗauki tulin kwanuka ko bokitin da famfo ke ɗiga a ciki a tura, a yi shiru. Ta huɗu, wadda ta fi yawa yanzu, ita ce a gyara saƙon tsaf, sannan a ɗauki habaicin da aka cire a ɗora a sitatus, inda zai yi awa 24 dangin miji da ƙawaye suna kallo suna fassara. Wanda aka yi dominsa ya san da shi ake, kuma yanzu ya san kowa ma ya sani.

Akwai kuma cunkoso. An fara da gas, sai kuɗin Islamiyya ya shigo, sai famfon bayi, sai maganar da ƙanwarsa ta faɗa da Sallah. Ko da kowane layi yana da tsabta, jerin kansa takardar tuhuma ce. Saƙo ɗaya, aiki ɗaya.

Wayar kanta tana da abubuwan taimako. A rubuta daftarin farko a wani wuri daban, ba a cikin hirar ba, don kada yatsa ya riga hankali. A karanta shi a bayyane da muryar mutumin da ya gaji, ba da muryar da ake so a ji ba. In saƙon murya ne, WhatsApp yana ba da damar a saurara kafin a tura, kuma a nan ne ake kama tsaki da jan numfashi da “hmm” ɗin da ba a san an yi ba. Tun 2023 ana iya gyara rubutu cikin minti 15 da turawa, amma manhajar tana nuna an gyara, kuma in an goge saƙo tana barin shaidar an goge. Mai yiwuwa ma ya riga ya karanta a saman allo. In kibiya ta riga ta fita, gogewa ba ta kai jimla ɗaya ba: “Saƙona na farko da gatse na rubuta shi, ka yi haƙuri. Abin da nake so shi ne a cika gas yau.”

Abin da saƙo ba zai iya ba

Duk wannan ba ya nufin a daina raha tsakanin mata da miji. Zolaya gishirin zama ce. Bambancin shi ne, wasa na gaskiya su biyu suke dariya, kuma babu wata buƙata da aka ɓoye a ƙarƙashinsa. In ana son a yi aiki, a faɗi aikin. In ana son wasa, a yi shi bayan an cika gas.

Sannan saƙo mai tsabta ba ya tilasta wa kowa. Yana iya karantawa ya ce “To”, magariba ta yi bai cika ba. In wannan ne karo na uku ko na huɗu, matsalar ta wuce tukunyar yau, ta zama ta wane ne ke da alhakin me a gidan, musamman inda su biyun ke fita aiki. Wannan ba maganar waya ba ce. Aikin saƙo a nan shi ne neman zama: “Maganar gas tana ta maimaituwa, ina so mu zauna bayan isha’i, in yara sun yi barci, mu tsara ta.” A zaman ne ake yanke abin da zai hana a sake rubuta saƙon: ko a sayi ƙaramar tukunya ta biyu ta ajiya, ko a ware kuɗin gas a hannunta tun farkon wata, ko a sa ranar cikawa kafin ya ƙare, tunda kowane gida ya san kwana nawa tukunya mai kilo 12.5 ke yi masa.

Akwai kuma gidan da habaici ba ɗabi’a ba ce, garkuwa ce, domin faɗar magana a fili tana jawo tsawa, ko duka, ko barazanar saki. Matar da ke cikin wannan hali ba gyaran jimla take buƙata ba, kuma bai dace a ɗora mata laifin yadda take magana ba. Wannan magana ce ta waliyyai da manyan da ake jin nauyinsu, in ta kama har hukuma.

Saboda haka rabin aikin yana wuyan mai karɓar saƙo. Wanda matarsa ta cije ta rubuta masa “raina ya ɓaci” a fili, sai ya amsa da “Yanzu har kin kai ki ba ni wa’adi?”, ya koya mata cewa hanyar gaba a toshe take, gobe ta bayan gida za ta biyo. Wanda yake so a daina yi masa habaici, sai ya zama mutumin da ake iya faɗa wa magana kai tsaye a kwana lafiya.